Shafukan makaranta su riƙa wallafa da kansu: lissafin da shugaban makaranta zai so ya gani

A kusan kowace makaranta mai zaman kanta a Kano ko Kaduna ko Zariya akwai malami guda wanda aikin shafukan sada zumunta ya faɗo wa a ka, ba don an rubuta shi a takardar ɗaukarsa aiki ba. Galibi malamin kwamfuta ne, ko wanda ya fi kowa ƙuruciya a ɗakin malamai. Shi ake kira ya ɗauki hoto ranar wasannin motsa jiki, shi zai rubuta sanarwar komawa makaranta, kuma wayarsa ce ke ƙara da ƙarfe goma na dare idan wata uwa tana son sanin ko gobe akwai karatu. Idan tura ta kai bango, irin wannan malami yakan zauna ya rubuta wa shugaban makaranta takarda, yana neman a ba shi izini da ɗan kuɗi ya saita shafukan yadda sanarwa za ta riƙa fita da kanta a lokacin da aka yanka mata, amsoshin tambayoyin yau da kullum su ma su riƙa tafiya ba sai ya buga su da yatsa ba.

Yawancin waɗannan takardu a durowa suke ƙarewa. Suna buɗewa da cewa duniya ta ci gaba kuma bai kamata a bar makaranta a baya ba, sai su lissafo sunayen manhajoji biyar ko shida, su rufe da adadin kuɗi guda ɗaya wanda ba a nuna daga ina ya fito ba. Shi kuwa shugaba abu uku yake nema a takardar: nawa za a kashe, me za a samu, kuma idan abu ya ɓaci wa za a kama. Takardar da ta amsa waɗannan da gaskiya tana iya samun sa hannu, ko da gaskiyar ta nuna cewa ribar ba ta kai yadda malamin ya yi zato ba.

Littafin awoyi kafin takarda

Malamin da ke son a ɗauki maganarsa da muhimmanci sai ya fara da ƙaramin littafin rubutu. Mako biyu, duk lokacin da ya taɓa shafin makaranta ya rubuta ƙarfe nawa ya fara, ƙarfe nawa ya gama, da abin da ya yi. A zaɓi makonnin tsakiyar zango, domin makon farko na komawa hutu da makon ba da sakamako suna kumbura lissafi, kuma shugaba zai gane hakan nan take.

Bari mu ƙaddara wata makaranta mai ɗalibai ɗari shida, da sashen nazire da firamare da ƙaramar sakandare. Tana da shafi a Facebook, da wani a Instagram, da lambar WhatsApp da iyaye ke tuntuɓa. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, kowace makaranta za ta sa nata a gurbinsu, amma tsarin lissafin ɗaya ne.

Littafin malamin ya nuna yana wallafa abu biyar a mako. Kowanne yana cin kimanin minti 35, domin sai ya nemo hoton a cikin tarin hotunan wayarsa, ya rubuta bayani da Turanci da Hausa, ya ɗora a Facebook, ya jira intanet ta ga dama, ya sake ɗorawa a Instagram, sannan ya kwafa zuwa WhatsApp. Minti 175 ke nan. Saƙonni kuma suna shigowa kusan 60 a mako, kowanne minti uku tsakanin karantawa da gaisuwa da amsawa, wato minti 180. Sai takardar sanarwa mai ado guda ɗaya a mako, wadda yake tsarawa daga farko kowane lokaci, minti 45. Jimilla minti 400, awa shida da minti arba'in.

Abin da ya fi amfani a littafin shi ne rabe-raben saƙonnin. Idan malamin ya yi wa kowane saƙo alama, zai ga cewa kashi biyu cikin uku, wato 40 daga cikin 60, tambayoyi huɗu ne kawai suke maimaita kansu: nawa ne kuɗin makaranta, yaushe za a koma, ana sayar da fom, ina makarantar take. Sauran 20 su ne na mutum da mutum. Uba yana ƙorafin an doki ɗansa, uwa tana neman a ɗaga mata ƙafa zuwa ƙarshen wata, wani yana tambayar dalilin da ya sa motar makaranta ba ta biyo layinsu ba. Waɗannan babu manhajar da za ta amsa su, kuma takardar da ta yi alƙawarin haka ta yi ƙarya.

Abin da za a saita, da abin da ba ya saituwa

Kayan aikin da wannan makaranta ke buƙata kamfanin Meta ya riga ya ba da su kyauta. Manhajar Meta Business Suite tana haɗa shafin Facebook da na Instagram wuri guda. A cikinta akwai kalanda mai suna Planner, inda mutum zai rubuta sanarwa sau ɗaya, ya zaɓi shafukan biyu, ya sa mata rana da lokaci, ta fita da kanta ko da wayarsa a kashe take, domin a na'urorin kamfanin aka ajiye ta. A ɓangaren saƙonni kuma akwai Instant reply mai amsa saƙon farko nan take, da Away message na lokacin da aka tashi daga aiki, da wurin jera tambayoyin da aka fi yi tare da amsoshinsu.

Amma akwai sharaɗi biyu da sukan tsayar da aikin tun ranar farko. Na ɗaya, dole Instagram ɗin ya zama asusun sana'a kuma a haɗa shi da shafin Facebook. Na biyu ya fi ciwo. Makarantu da yawa ba su da shafi ko kaɗan, abin da suke kira shafi asusun mutum ne da aka buɗe da sunan makaranta, ana karɓar abokai har a kai iyakar dubu biyar. Irin wannan asusun ba a tsara shi don hukuma ko kasuwanci ba, kuma tun 2018 Facebook ya hana manhajojin waje wallafa abu a asusun mutum. Haka nan a watan Afrilun 2024 ya rufe ƙofar da manhajojin waje ke bi su wallafa a zaurukan Facebook. Don haka idan makaranta tana kan asusun mutum, matakin farko shi ne buɗe shafi na ainihi da jawo iyaye zuwa can, kuma wannan aiki ne na makonni wanda ya kamata a rubuta shi a takardar.

WhatsApp ne inda iyaye suke da gaske, kuma nan ne saitin ya fi taƙaita. Manhajar WhatsApp Business kyauta ce. Tana da Greeting message da ke tarbar wanda ya turo saƙo karon farko ko bayan kwana 14 ba a yi magana ba, da Away message, da Quick replies. Wannan na ƙarshe shi ne mai rage aiki. Malamin zai ajiye cikakkiyar amsa game da kuɗin makaranta sau ɗaya, ya ba ta gajeren suna, duk lokacin da aka tambaya sai ya buga `/kudi` amsar ta fito ya tura. Sakan talatin maimakon minti uku. Sai dai har yanzu mutum ne ke turawa, kuma manhajar ba ta jera sanarwa ta fita gobe ko jibi kamar yadda Planner ke yi. Jerin aikawa ga jama'a, wato Broadcast, yana ɗaukar lamba 256 kawai, kuma saƙon ba ya isa ga wanda bai ajiye lambar makarantar a wayarsa ba. Makaranta mai iyaye ɗari huɗu tana buƙatar jeri biyu, kuma tana buƙatar ta roƙi kowane uba da uwa su ajiye lambar. Yadda za a gane wanda bai ajiye ba shi ne saƙon ya tsaya da alamar maki ɗaya kwana da kwanaki alhali mutumin yana kan intanet.

A nan ne masu sayar da manhajojin tura saƙo dubu a lokaci guda suke shigowa da tallarsu. Waɗanda ba su bi ta hanyar da kamfanin ya amince ba sun saɓa wa ƙa'idar WhatsApp, kuma hukuncin shi ne toshe lambar. Makarantar da ta buga lambarta a allon bakin titi da fom da jikin mota ba ta da halin yin wannan caca. Hanyar da aka amince da ita, WhatsApp Business Platform, biya ake yi, tana buƙatar mai haɗa ta da wata manhaja, kuma ta fi dacewa da banki ko kamfanin jirgi fiye da makarantar unguwa.

Akwai kuma abin da duk wanda ya riƙe wayar makaranta a Arewa ya sani: iyaye da yawa, musamman mata, murya suke turowa. Saƙon minti biyu ne, rabinsa gaisuwa da tambayar iyali, tambayar tana can ƙarshe. Amsar da ke tashi idan ta ga wata kalma a rubuce ba ta jin murya. Ko a rubucen ma, wani zai rubuta kuɗi da ƙugiya, wani ba ƙugiya, wani ya rubuta da Turanci, wani ya ce kawai nawa ne. Malamin da bai ware saƙonnin murya a littafinsa ba zai yi wa shugaba alƙawarin ragin da ba zai samu ba. Dabarar da ke aiki ita ce a naɗi amsar da murya sau ɗaya, cikin ladabi da Hausa mai daɗi, a ajiye ta, a riƙa tura ta ga mai buƙata.

Awa nawa ke raguwa

Bayan saiti, makon malamin zai koma kamar haka. Zama ɗaya, a ce ranar Alhamis bayan an tashi, ya jera abubuwa biyar na mako mai zuwa, minti 15 kowanne, minti 75. Kwafa su zuwa WhatsApp a ranakunsu, minti uku-uku, 15. Tambayoyi 40 masu maimaituwa a rabin minti kowacce, 20. Saƙonni 20 na mutum da mutum suna nan yadda suke, minti 60. Takardar sanarwa, da yake yanzu akwai tsayayyen zubi mai tambarin makaranta wanda rubutu kawai ake canjawa, minti 15. Sai wani sabon aiki da babu shi a da, wanda masu rubuta irin wannan takarda sukan manta: leƙa jerin abubuwan da ke jiran fita kowace safiya, minti biyar sau shida, 30. Jimilla minti 215.

Bambancin minti 185 ne a mako, awa uku da ɗoriya. A zango mai mako 13 ya kama kusan awa 40, a shekarar karatu mai zango uku kusan awa 120. Idan darasi minti 40 ne, awa 40 daidai take da darasi 60 a zango, kuma wannan shi ne ma'aunin da shugaban makaranta ya fi ganewa.

Saitin kansa yana cin lokaci. Buɗe shafi da haɗa shi da Instagram, rubuta amsoshi da kai wa shugaba ya gyara, tsara zubin sanarwa, tattara lambobin iyaye aji-aji, koya wa mutum na biyu: a ce awa 16. Idan aka raba minti 960 da 185 za a ga sai a mako na shida ne aikin zai biya lokacin da ya ci. Zangon farko ke nan ribar ba awa 40 ba ce, kusan 24 ce.

Kuma ya kamata takardar ta faɗi wani abu da ba shi da daɗin faɗi. Wannan lokaci ba dunƙule yake ba. Minti biyar ne a lokacin tara, minti goma bayan sallar azahar, rabin awa a gida bayan isha'i. Kaso mai yawa daga cikinsa ma lokacin malamin ne na kansa, wanda makaranta ba ta taɓa biya ba. Shugaban da ya ji darasi 60 ya ɗauka zai iya ƙara wa malamin aji guda a jadawali ya yi kuskuren fahimta, kuma malamin da ya bar shi a kan wannan fahimtar ya sayo wa kansa aiki.

Kuɗin

Hanya mafi sauƙi ta mayar da awa kuɗi ita ce a raba albashi da awoyin aiki. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, ko da yake kowa ya san makarantun kuɗi da dama ba su kai nan ba. A ce malaminmu yana karɓar naira 80,000 a kan awa 160 a wata. Awarsa naira 500 ce. Awa 120 a shekara ta kama naira 60,000. Wannan shi ne rufin lissafin: duk abin da za a biya a shekara domin rage lokaci kawai, idan ya wuce naira 60,000, asara ne.

Da wannan ma'auni sai a auna manhajojin biya. Buffer, wadda tana cikin masu sauƙi, a 2025 tana karɓar kimanin dala shida a wata kan kowane shafi. Shafi biyu dala 12, a canjin naira 1,500 ya zama naira 18,000 a wata, naira 216,000 a shekara. Ya ninka darajar lokacin da aka rage fiye da sau uku, kuma ba ta taɓa WhatsApp ba. Tana da tsarin kyauta mai ɗaukar shafi uku da abu goma a layi kan kowanne, wanda ya ishi makarantar da ke da shafi a wani dandalin da ba na Meta ba. Hootsuite kuwa ta soke tsarinta na kyauta a 2023, kuma bayan haka ƙaramin tsarinta ya kai wajen dala 99 a wata, kusan naira 148,500, sama da albashin mutum biyu a mafi ƙarancin albashi. An gina waɗannan manhajoji ne domin kamfanonin da ke biyan ma'aikaci dala ashirin ko talatin a awa, inda rage awa uku a mako ke biyan kuɗinsu na wata cikin mako ɗaya ko biyu. A makarantar da awa take naira 500, lissafin juyewa yake. Ga kuma wahalar biya da dala, da canjin da ba ya tsayawa wuri ɗaya, wanda ke sa kasafin watan Satumba ya zama tarihi kafin Janairu.

Saura tsarin kyauta, wanda shi ma ba kyauta ba ne gaba ɗaya. Akwai data, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. A ce makaranta ta ware naira 3,000 a wata, 36,000 a shekara. Akwai waya da layi na makaranta, a ce naira 120,000 sau ɗaya. Idan aka cire 36,000 daga 60,000 saura 24,000 a shekara, wanda ke nufin wayar za ta yi shekara biyar kafin ta biya kanta, lokacin da batirinta ya daɗe da kumbura.

To me ya sa za a saya? Domin dalilin sayen wayar daban ne da rage lokaci, kuma takarda mai kyau za ta raba su. A yanzu shafin makaranta yana kan asusun malamin, lambar da iyaye ɗari huɗu suka sani tasa ce, an yi mata rajista da lambarsa ta NIN. Ranar da ya samu aikin gwamnati, ko aka yi saɓani a kan albashi, da su zai tafi. Makarantu sun sha wayar gari suna da shafi biyu ko uku masu suna ɗaya, tsohon yana da mabiya dubbai amma ba mai iya shiga, sabon yana da mutum tamanin. Naira 120,000 kuɗin mallakar shafi da lamba ne. Idan aka gabatar da shi haka, mai makaranta yakan fi saurin yarda fiye da idan an ce masa zai rage awoyi.

Wasu malamai sukan so su ƙara cewa shafi mai rai zai jawo sababbin ɗalibai. Gaskiya ne cewa idan kuɗin zango naira 45,000 ne, ɗalibi ɗaya tak ya kawo 135,000 a shekara, ya biya wayar har da canji. Ana iya ambaton wannan a layi guda, amma kada a sa shi cikin jimillar riba. A unguwanninmu iyaye sun fi sa yaro makaranta saboda abin da maƙwabciya ta faɗa ko sakamakon da suka gani da idonsu. Abin da za a iya yi shi ne a ƙara tambaya ɗaya a fom ɗin shiga, a ina kuka ji labarinmu, a ƙidaya a ƙarshen shekara.

Ranar da sanarwa ta fita alhali bai kamata ba

Haɗarin jera sanarwa shi ne ita ba ta san abin da ya faru bayan an rubuta ta ba. A ƙasar da ranar Sallah ke jiran ganin wata da sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ƙaramar Sallar 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba da hutun Talata da Laraba, 9 da 10 ga Afrilu, da azumi ya cika talatin sai ta ƙara Alhamis 11 ga wata. Duk sanarwar da aka jera tun mako guda tana cewa a dawo ranar Alhamis ta zama ƙarya ba tare da kowa ya taɓa ta ba. A azumin 2025 kuma jihohin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu, abin da ya rushe jadawalin da wasu suka tsara tun farkon zango.

Wanda ya fi wannan muni shi ne rasuwa. Ɗalibi ya rasu daren Litinin, an kai shi makwancinsa da safe, malamai suna wurin zaman makoki, ƙarfe goma sai ga shafin makaranta ya fito da hoton yara suna dariya da kalaman murnar ranar al'adu. Ba wanda zai tsaya ya ji cewa tun Alhamis aka jera shi. Shi ya sa minti biyar ɗin safiya ba abin ragewa ba ne, kuma shi ya sa dole mutum biyu su iya shiga su dakatar da layin, domin ranar da abu ya faru mai yiwuwa malamin ne ke riƙe da makara.

Ƙa'idar da ta dace a rubuta a takardar gajeriya ce. Abin da ranarsa ba ta motsi, kamar tunatarwar biyan kuɗi, hotunan aikin aji, gabatar da malamai, lokacin sayar da fom, a jera shi, amma kada ya wuce mako guda gaba. Abin da ya rataya a kan wata ko gwamnati ko hukumar jarrabawa irin su WAEC da NECO, a rubuta shi a ajiye, kada a sa masa lokaci sai an tabbatar. Ta'aziyya, rufe makaranta na gaggawa, canjin kuɗi da amsa ƙorafi, da hannu kawai, kuma da sanin shugaba.

Ƙananan matsaloli ma suna da alamominsu. Sanarwar da aka nufa da bakwai na safe ta fita bakwai na dare, an rikita AM da PM ko agogon kwamfutar yana kan lokacin wata ƙasa. Abu ya fita a Facebook bai fita a Instagram ba, ko dai haɗin ya tsinke bayan an canja kalmar sirri, ko takardar ta yi tsawon da Instagram ba ya karɓa. Amsar `/kudi` kuma tana tsufa a ɓoye: an ƙara kuɗi a sabon zango, ba wanda ya tuna ya gyara ta, sai uba ya zo ofishin akanta da hoton saƙon makaranta a hannu yana cewa ga abin da kuka ce. Kowace amsa da ke ɗauke da adadi ko lambar asusun banki ya kamata ta ɗauki sunan zango da shekara a jikinta, kuma akanta ya duba ta ranar farko ta kowane zango.

Hotunan yara da makullin shafi

Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce kafin a yi amfani da bayanan yaro bisa yarda, iyayensa ko mai kula da shi ne za su ba da yardar, kuma hoton da ake gane fuska bayani ne. Ko ba doka, akwai gidajen da ba sa son hoton 'yarsu ya hau intanet, kuma suna da haƙƙi. Jera hotuna da yawa a zama ɗaya yana sauƙaƙa kuskure, domin mai sauri ba ya tsayawa duba fuska ashirin. Maganin takarda ce guda a cikin fom ɗin shiga, iyaye su zaɓi e ko a'a, sunayen masu a'a su kasance a gaban malamin ranar Alhamis. Cikakken sunan yaro da ajinsa a ƙarƙashin hotonsa, ko hoton takardar sakamako, ko lokacin da motar makaranta ke bin wace unguwa, waɗannan ba su da wuri a shafin da kowa ke gani.

Makulli kuma a hannun shugaba ko mai makaranta zai zauna. Facebook yana bambanta mai cikakken iko, wanda zai iya cire kowa har ya goge shafin, da wanda aka ba izinin wallafawa da amsa saƙo kawai. Malamin da ya rubuta da kansa cewa a ba shi na biyun ya cire wa shugaba babban tsoronsa. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Facebook da WhatsApp, a rubuta lambobin sirri a rufe a ambulan a ofis, a kuma riƙa amfani da layin, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani.

Takardar kanta

Duk wannan bai kamata ya wuce shafi biyu ba, da kwafin littafin awoyi a maƙale a baya. Sakin layin farko ya ɗauki buƙatar gaba ɗaya, kamar haka:

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina neman izininka mu gwada jera sanarwar makaranta da amsoshin tambayoyin iyaye na tsawon zango ɗaya, da manhajojin da ba a biya. Aikin yana cin awa shida da minti arba'in a mako yanzu, ina sa ran ya koma awa uku da rabi. Abin da za a kashe shi ne naira 120,000 na waya da layi da sunan makaranta, sau ɗaya, da naira 3,000 na data a wata. Cikakken ikon shafin zai kasance a hannunka, kuma babu abin da ya shafi kuɗi ko hutu ko rasuwa da zai fita sai ka gani.

Bayan nan sai lissafin lokaci, sai na kuɗi tare da farashin manhajojin biya da dalilin ƙin su, da ranar da aka duba farashin da canjin dalar da aka yi amfani da shi. Sai ƙa'idar abin da ake jerawa da wanda ba a jerawa, da sunan mutum na biyu. A ƙarshe a sa ranar da za a zauna a duba, mako na goma sha ɗaya ya fi dacewa, kafin hayaniyar jarrabawa. Malamin zai sake riƙe littafinsa mako biyu kafin ranar, ya zo da sabon adadin mintuna, da yawan lokutan da sanarwa ta fita ba daidai ba, da yawan iyayen da saƙo ke isa gare su a jerin aikawa. Idan mintunan mako sun tsaya sama da ɗari uku, a koma kan saƙonnin murya, domin yawanci can ragin ya maƙale, a ƙidaya nawa ne daga cikinsu amsar da aka naɗa za ta iya ɗauka kafin a yanke shawarar zango na biyu.